Jawabin Shugaban Makaranta Ranar Bayyana Sakamakon Gasar Zane

Jawabin da shugaban makaranta yake yi domin bayyana waɗanda suka ci gasar zane gajere ne, bai cika wuce minti bakwai ko goma ba, amma shi ne kaɗai abin da yawancin ɗalibai da iyayensu za su sani game da yadda aka yi hukunci. Alƙalai sun yi aikinsu a cikin ɗaki, ƙofa a rufe. Sun jera zanen kowa daga na ɗaya har na ƙarshe, sun miƙa wa shugaba takarda. Yaro bai ga wannan zama ba, mahaifiyarsa ma ba ta gani ba. Abin da za su ji shi ne muryar shugaba a wurin taron safe ko a ranar raba kyaututtuka, kuma da ita za su auna ko an yi adalci.

Sakamakon gasar zane ya fi na jarrabawar lissafi wuyar bayyanawa. Idan yaro ya ci 14 cikin 20 a lissafi, ana iya nuna masa guda shidan da ya kuskure, ya gani da idonsa. A zane babu amsa guda da ke rubuce a bayan littafi. Saboda haka jawabin yana ɗauke da nauyi biyu: ya faɗi wanda ya ci, ya kuma nuna dalilin da kowa zai iya gani a jikin takardar. Shugaban da bai san yadda aka kai ga jerin ba, ba zai iya sauke nauyi na biyun ba. Shi ya sa bayanin jawabin yake farawa tun daga ɗakin alƙalai.

Yadda ake kai wa ga jerin

A ɗauki misali da makarantar firamare da ta sa gasa a kan jigon "Ranar kasuwa a garinmu", aka kuma karɓi zane 48 daga 'yan aji huɗu zuwa shida. Matakin farko shi ne raba zane da sunan mai shi. Malami ɗaya, wanda ba ya cikin alƙalai, zai rubuta lamba a bayan kowace takarda, daga 1 zuwa 48, ya rubuta sunayen a wata takarda dabam ya adana. Idan yaro ya riga ya sa sunansa a gaban zanen, sai a manna 'yar takarda a rufe. Wannan ƙaramin aiki shi ne garkuwar shugaba ranar da ya kasance ɗan malami ko 'yar shugaban ƙungiyar iyaye da malamai ce ta zo ta ɗaya. Amma garkuwar tana da iyaka, domin malamin zane da ya shekara biyu yana koyar da yara ya san hannun kowa kamar yadda ya san muryarsa. Don haka ya kyautu a samo aƙalla alƙali ɗaya daga waje, ko malamin zane na wata makaranta, ko mai sana'ar zanen allon talla, ko magini da ya ƙware a adon bango.

Mataki na biyu shi ne raba gasar bisa shekaru. Viktor Lowenfeld, malamin koyar da zane da ya wallafa littafinsa Creative and Mental Growth a 1947, ya bayyana yadda zanen yaro yake sauyawa da girmansa. Ɗan shekara bakwai zuwa tara yakan ja layi ɗaya a ƙasan takarda ya jera mutane da bishiyoyi da gidaje a kai, ya shafa shuɗi a can sama ya ce sararin sama ke nan. Daga wajen shekara tara zuwa sha biyu ne yake fara sa wani abu ya kare wani, yana kuma damuwa da kamanni. Alƙalin da ya haɗa ɗan aji biyu da ɗan aji shida a ma'auni guda, shekaru yake aunawa. Lowenfeld kansa bai yarda da sa yara gasar zane ba sam, yana ganin tana sa su kwaikwayon abin da manya ke so. Makarantun da suka zaɓi yin gasar ya kamata su riƙe wannan gargaɗi a zuciya, musamman a wajen abin da za a furta ranar sakamako.

Sai ma'auni, wanda dole a sanar da shi tun ranar da aka buɗe gasa. Makarantar misalinmu za ta iya raba maki 100 gida huɗu: 20 don bin jigo, 30 don tsarin abubuwa a kan takarda, 20 don iya sarrafa kayan aiki, ko fensir ne ko fenti, 30 kuma don abin da yaron ya zo da shi na ƙashin kansa. A rabon makin akwai hikima. Idan aka ba kyan launi kaso mafi tsoka, yaron da aka saya wa akwatin kala mai launi 24 ya riga ya wuce wanda ya zo da guntun fensir tun kafin a fara. Makarantar da take da hali sai ta raba wa kowa takarda da kala iri ɗaya, a kuma yi zanen a cikin aji a gaban malami, domin aikin da aka tafi da shi gida yakan dawo da hannun yaya ko na kawu a ciki.

Ba a iya gwada zane 48 biyu-biyu, domin hakan zai kai gwaji 1,128. Abin da alƙalai suka saba yi shi ne shimfiɗa su duka a kan tebura, su raba su kashi uku, masu ƙarfi da matsakaita da masu rauni, sannan kowane alƙali ya ba da makinsa shi kaɗai, ba tare da ya leƙa takardar ɗan'uwansa ba. Goman farko su ake komawa a duba a tsanake.

Inda lissafi yake iya sauya wanda ya ci

A nan ne akwai wata matsala da shugabanni da yawa ba sa lura da ita sai rigima ta taso. A ce zane uku ne suka fito a sama: lamba 14, lamba 27 da lamba 41. Alƙali na farko ya ba su 78 da 75 da 72 bi da bi. Alƙali na biyu, mai tsauri, ya ba su 70 da 68 da 66. Na uku kuwa mai buɗaɗɗen hannu ne idan abu ya burge shi: ya ba lamba 14 maki 70, ya ba lamba 27 maki 90, ya ba lamba 41 maki 60.

Idan aka tara maki, lamba 14 ya sami 218, lamba 27 ya sami 233, lamba 41 ya sami 198. Lamba 27 ne na ɗaya ke nan. To amma a sake duba takardun. Alƙalai biyu cikin uku lamba 14 suka sa a gaba. Abin da ya ɗaga lamba 27 shi ne tazarar maki 20 da mutum ɗaya ya bayar, wadda ta haɗiye tazarar maki uku da ta maki biyu da sauran suka bayar. Muryar alƙali ɗaya ta rinjayi ta biyu don kawai shi yana ware makinsa da faɗi.

Akwai wata hanyar. Maimakon maki, sai a tara matsayin da kowane alƙali ya ba kowane zane. Lamba 14 ya zo na ɗaya, na ɗaya, na biyu, jimla 4. Lamba 27 ya zo na biyu, na biyu, na ɗaya, jimla 5. Lamba 41 na uku ne a wajen kowa, jimla 9. Mai ƙaramar jimla shi ya ci, wato lamba 14. Wannan dabara ta ƙidayar matsayi ana danganta ta da Bafaranshen nan masanin lissafi, Jean-Charles de Borda, wanda ya gabatar da ita a 1770 domin zaɓe.

Kowace hanya tana da hujjarta. Tara maki yana nuna ƙarfin ra'ayin alƙali, tara matsayi kuma yana ba kowane alƙali nauyi daidai da na ɗan'uwansa. Ga ƙaramar gasa mai alƙalai uku da ba su saba aiki tare ba, tara matsayi ya fi aminci. Abin da ba ya halatta shi ne a zaɓi hanya bayan an ga sakamako. Da zarar an san cewa wannan hanya ɗiyar wane za ta ba nasara, waccan kuma ɗan wane, to zaɓen hanya ya zama zaɓen mutum. Tun kafin a buɗe ambulan ɗin zane ake yanke wannan, tare da abin da za a yi idan an yi kunnen doki. Mafi sauƙi shi ne a ce wanda ya fi maki a sashen ƙirƙira shi zai wuce. Idan kuwa an bar biyu a matsayi na biyu, to wanda ke bin su na huɗu ne, babu na uku, kuma shugaba ya faɗi haka a fili don kada a zaci an tsallake wani.

Abin da ake karantawa da abin da ake bari a ofis

Jerin ya kammala, daga na ɗaya har na 48. Tambayar da ke gaban shugaba ita ce nawa daga ciki zai karanta. Wasu suna ganin gaskiya ita ce a karanta duka, ko a manna jerin a allon sanarwa kamar yadda ake yi da sakamakon ƙarshen zango. Wannan kuskure ne, kuma dalilinsa bai tsaya ga tausayi kawai ba.

Jeri irin wannan yana da ƙarfi a samansa, inda alƙalai suka koma suka duba sau biyu ko sau uku. A tsakiya kuwa, tsakanin na 20 da na 30, bambancin yakan zama maki ɗaya ko biyu, wani lokacin ma rabin maki bayan an raba jimla. Da za a ba alƙalan nan takardun gobe da safe su sake dubawa, na 22 zai iya komawa na 29. Gajiya tana shiga, hasken ɗaki yana sauyawa, zanen da ya biyo bayan wani kyakkyawa yakan yi rashin sa'a. Wanda ya tsaya gaban taro ya ce wance ce ta 29, ya faɗi abin da alƙalan kansu ba za su iya rantsewa a kai ba. Na ƙarshe kuma, yaron da aka kira a matsayin na 48 a gaban makaranta duka, sunan zai bi shi filin wasa har ƙarshen zango, kuma da wuya ya sake ɗaukar kala da son ransa.

Saboda haka cikakken jerin kayan aikin alƙalai ne, a ofis yake zama. Jawabi ya faɗi cewa an duba duka 48 ɗin, an ba kowanne maki, ya kira uku na farko da wasu 'yan kaɗan da suka cancanci yabo na musamman, sannan ya sanar cewa duk wanda yake son sanin makinsa da abin da zai gyara ya sami malamin zane shi kaɗai.

Tsarin jawabin

Ana farawa da gaisuwa bisa girma, kamar yadda aka saba a taron makaranta: babban baƙo idan akwai, mai unguwa ko dagaci, wakilin hukumar ilimi, shugaban ƙungiyar iyaye da malamai, iyaye, malamai, sannan ɗalibai. A taƙaita ta, domin yara suna tsaye a rana kuma hankalinsu yana kan abu ɗaya.

Bayan gaisuwa sai yadda aka yi hukunci, cikin jimloli huɗu ko biyar: jigon gasar, yawan zanen da aka karɓa, su wane ne alƙalai, cewa lambobi suka gani ba sunaye ba, da abubuwa huɗun da aka auna. Wannan sashe shi aka fi tsallakewa, alhali shi ne yake rufe bakin tsegumi kafin ya buɗe. Idan an cire wani zane daga gasar saboda an gano an ɗora takarda a kan hoton littafi an bi layi, ko saboda hannun babba ya bayyana a ciki, a faɗi ƙa'idar da aka karya, kada a faɗi sunan yaron. Maganarsa ta ofis ce, tsakanin shugaba da shi da iyayensa.

Daga nan shugaba ya yi magana a kan aikin yaran gaba ɗaya, kuma ba zai iya ba sai idan ya zauna ya kalli takardun da kansa. Kalmar "duk kun yi ƙoƙari" ba ta shiga kunnen kowa, yara sun ji ta sau ɗari. Amma idan ya ce ya lura da yawa sun zana rumfar mai nama da ta 'yan koli, mutum biyu kaɗai suka tuna da mai turin ruwa, ɗaya kuma ya zana kasuwar bayan ta watse, nan take kowane yaro zai gane an kalli nasa.

Sai kiran sunaye, daga ƙasa zuwa sama: masu yabo na musamman, na uku, na biyu, na ɗaya. Ana yin haka ne domin idan aka fara da na ɗaya, tafi da sowa za su cinye sauran, na biyu da na uku su karɓi kyautarsu babu mai kallo. A kowane matsayi ya fi kyau a ɗaga zanen a nuna, a faɗi dalili, sannan a kira suna. Da zarar suna ya fita, ba mai sauraron dalili kuma.

A misalinmu, shugaba zai iya cewa game da lamba 14: "Yarana, ku dubi nan. Mai wannan zane ya sa mai sayar da tumatir babba a gaba, mutanen da ke can nesa kuma ƙanana, har kasuwar ta yi zurfi a kan takarda. Ku dubi inuwar rumfa, duk ta faɗi gefe ɗaya, alamar ya san inda rana take. Alƙalai biyu cikin uku shi suka sa a gaba." Game da lamba 27 kuma ya faɗi gaskiyar abin da ya faru, cewa ɗaya daga cikin alƙalai shi ya fifita saboda ƙarfin launinsa, kuma tazarar da ke tsakaninsa da na ɗaya ba ta da yawa. Faɗin haka ba ya rage wa na ɗaya komai, yana kuma ba na biyu haƙƙinsa.

Irin yabon da ake zaɓa yana da tasiri. A 1998 masana halayyar ɗan Adam biyu, Claudia Mueller da Carol Dweck, sun wallafa binciken da suka yi da 'yan aji biyar a Amurka. Yaran da aka yaba wa da cewa suna da basira sun fi karkata ga aiki mai sauƙi daga baya, sun kuma fi saurin karaya da suka gamu da mai wuya, idan aka gwada su da waɗanda aka yaba wa ƙoƙarinsu. Da tambayoyin gwada tunani aka yi binciken, ba da zane ba, amma darasin ya shafi jawabin nan kai tsaye. Shugaban da ya ce wance baiwa gare ta, ya gaya wa sauran 47 cewa abin rabo ne, su haƙura. Wanda ya nuna inuwa da zurfi da yadda aka cika takarda, ya ba kowa abin da zai gwada gobe a bayan littafinsa.

A makarantun da yawancin iyaye Musulmi ne, wasu gidaje ba sa son 'ya'yansu su zana mutum ko dabba. Wannan magana ce ta ranar zaɓen jigo, kuma maganinta shi ne jigo mai faɗi da zai karɓi adon bango irin na gidajen Zariya da Kano, da zanen lalle, da dagi, da tsarin aikin hula. Idan irin wannan zane ya ci, jawabi ya bayyana ƙwarewar da ke cikinsa da irin dalla-dallar da aka yi wa sauran: daidaiton gefe da gefe, tsabtar layi, yadda ƙulli ya shiga ya fita bai ɓata ba.

Kurakuran ranar taro

Mafi muni shi ne kiran sunan da ba shi ba. Yana faruwa har a manyan wurare. A bikin kyautar Oscar na 2017 an miƙa wa masu sanarwa ambulan ɗin da ba shi ba, aka ambaci La La Land a matsayin fim mafi kyau, masu shi suka hau dandali suna jawabin godiya kafin a gyara a ce Moonlight ne ya ci. A makaranta kuskuren yakan shigo ne wajen mayar da lamba zuwa suna: a karanta 41 a matsayin 14, ko a sami yara biyu masu suna ɗaya a azuzuwa dabam-dabam. Maganinsa mutum biyu su gwada lamba da suna, a rubuta cikakken suna da aji a bayan zanen da za a ɗaga, shugaba kuma ya tambayi malamin aji yadda ake furta sunan da bai saba da shi ba. Idan duk da haka an kuskure, a gyara nan take, shugaba ya ɗauki laifin a kansa, ya ba yaron haƙuri a gaban waɗanda suka ji kuskuren.

Akwai kuma ƙananan abubuwa da ke ɓata taro. Sakamako ya fita tun jiya ta bakin wani malami, har yara suna faɗin suna kafin shugaba. A kira ɗaliba a tarar ba ta zo ba, domin ba wanda ya duba rajista da safe. A yi alkawarin kyauta a jawabi alhali ba ta hannu, a ce sai mako mai zuwa. Takardar yabo da fakitin kala da aka miƙa a take sun fi babbar kyautar da ake ta jira.

Shugaba kuma ba ya sauya jerin alƙalai. Idan yana da shakka, ya kai musu kafin ranar taro. Idan yana son karrama wani yaro saboda wani dalili na dabam, kamar wanda ya fi kowa ci gaba a zangon, ya ba kyautar sunanta, ya ce tasa ce, kada ya cusa ta cikin na alƙalai.

Jawabin yana rufewa da sanar da makomar takardun. Duka 48 za a manna su a bango na mako ɗaya ko biyu, a jere bisa aji ko bisa lamba, ba bisa matsayi ba, da sunan kowane yaro a ƙarƙashin aikinsa, domin iyaye su shigo su gani. Bayan an sauke su a mayar wa kowa nasa, da layi ɗaya ko biyu daga malamin zane a bayan takardar: abu guda da ya yi daidai, da abu guda da zai gyara. Takardun makin alƙalai kuwa, da sa hannunsu da kwanan wata, a adana su a ofis har ƙarshen shekarar karatu, domin duk uban da ya zo da tambaya a buɗe a nuna masa makin ɗansa.